Watan da Hotona Ya Hau Shafin Farko

Ban yi boko ba. Karatun da na iya a ajin yaƙi da jahilci na tsince shi, gemuna ya riga ya yi furfura. Shekara ashirin ina raba kaya a wani kamfani mai sayar wa marina sinadarin rini da soda. Duk wata kamfanin na fitar da 'yar jarida mai shafi huɗu. Ni nake ɗaure ta a bayan babur in kai marinu, daga Ƙofar Mata har lungunan Kabara.

Shafi uku duk mu ne: Alhaji manaja ya karɓi lambar yabo, wane ya samu ƙarin girma, an yi wa ofis fenti. Abin da marini zai amfana da shi, awo da haɗi da kaya sabbin zuwa, yana can ƙarshe.

Sai aka ba wata malama aikin haɗa jaridar. Ita kaɗai ta taɓa tambayata yadda ake karanta ta.

Na ce, "Ba karantawa ake ba, Malama, saurara ake. Bayan la'asar wanda ya yi sakandare a cikinsu ya karanta da ƙarfi. Kafin ya juya shafi ruwa ya tafasa, kowa ya tashi."

"To sauran fa, Baba?"

"Mai tsire."

Ta yi dariya, ta rubuta. Ta je ta shawo kan Alhaji: abin amfani gaba, sanarwa da yabon kai baya. A watan ne aka sauya mana soda. Tsohuwar fale-fale ce, sabuwar ƙwaya kamar sukari, ta fi cika gwangwani. Marina kuwa da gwangwanin madara suke awo, ba sikeli ba. Ta tsara shafin farko a kan haka: a rage awo, a zuba kaɗan-kaɗan cikin ruwan sanyi, kada a juye cikin ruwan zafi.

A watan ne kuma na cika shekara ashirin a kamfanin. An ɗauke ni hoto da sabuwar hula. Kowa da ya cika ashirin a gaba aka sa shi. Da na ga nawa a shafi na huɗu, ƙanƙani, ban je wurinta ba. Wurin Alhaji na je.

"Ranka ya daɗe, da direbanka ya cika, gaba aka sa shi. Ni da aka zo kaina sai doka ta sauya?"

Ya kira ta. Ta ce, "Baba, kai fa ka gaya min shafi ɗaya suke ji."

Na ce, "Wata ɗaya ne."

Aka mayar da ni gaba, da jawabin Alhaji a ƙarƙashina. Soda ta koma baya. Na ce a raina zan faɗa musu da baki. Na faɗa a marina biyu. A sauran, ana ta tsokanata ana ɗaga hoton, na manta.

Akwai abokina a ɗaya daga marinun da na manta ɗin, tare muka yi dako a kasuwa muna samari. Shi ya fi kowa ihu ranar.

"Kai jama'a, ga gwamna! Wa ya ara maka hular?"

Ya yage shafin ya manna a bango da ƙullun fulawa.

Kwana tara bayan nan ya cika gwangwani yadda ya saba, ya juye a tukunya mai zafi. Da tsohuwar ma ganganci ne, amma tana ƙyale shi. Wannan ta yi tsalle, ta fantsamo masa a hannu da fuska. Hannunsa ya warke. Idon hagu bai dawo ba.

Malama ta ci gaba da gaishe ni yadda ta saba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Na koma wurin Alhaji na faɗa masa yadda aka yi, a tsaye, ban zauna ba. Ya ce a bar mata jaridar yadda ta tsara.

Haka take har yau. Shafi uku na marina ne, na farkon kuma gajere, daidai abin da za a karanta kafin ruwa ya tafasa. Lambar yabo da ƙarin girma suna baya, layi bibbiyu. Idan sabon ma'aikaci ya yi ƙorafin an ɓoye hotonsa, wurina malamar take turo shi. Ba na dogon bayani. Ina ɗora shi a babur mu je marina.

Hoton yana nan a bangon, shuni ya fantsama masa. Abokina yakan juyo da kansa gaba ɗaya don ya gan ni, ya ce, "Gwamna ya iso, a ba shi benci." Ya ɗauka rashin idon nan ƙaddara ce kawai. Na iya faɗa wa Alhaji gaskiya. Shi abokin nawa har yau ban iya ba.