Kwana ɗaya a wata

Shekarar da na shiga kwalejin kimiyya na koma wurin yayata da mijinta a Sabon Tasha, don ya fi kusa da makaranta. Ni ba mai surutu ba ce. Idan na gama aikin gida sai in zauna a bakin taga da littafi, ita kuma tana kan keken ɗinki tana ba ni labarin 'yan zumuntar mata na cocinsu.

Wata uku da zuwana ta yi ɓari. An yi mata wankin ciki a wani ƙaramin asibiti. Bayan sati guda zazzaɓi ya rufe ta, aka ce akwai saura, aka sake wankewa. Ta warke, ta koma ɗinkinta, kuma babu wanda ya ƙara tayar da zancen a gidan.

Tun ina sakandare nake rubuta ranakun al'adata a bayan littafin aljihu. Da Yaya ta kwanta ciwo sai na buɗe mata nata shafin, don in san ranar da zan ɗauke mata girki. A da kwana biyar take yi. Bayan wankin cikin ya koma kwana ɗaya, wani watan ma ɗigo ne kawai, amma mararta na murɗa har sai ta jingina da bango.

Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa mai sayar da kayan miya, ita ta yanke hukunci.

"Jininki ne ya ƙare, 'yata. Wadda ta zubar da irin wannan jinin, ina za ta samo na wata-wata?"

Aka shiga haɗa mata abubuwan ƙarin jini. Ni nake matse ganyen ugu, in haɗa da malt da madara. Yaya ta toshe hanci ta shanye.

"Malama, ke ma ki kurɓa," in ji ta. "Karatu ya tsotse ki kamar rake."

Wata bakwai muna haka. Kumatunta suka cika, jinin bai ƙaru ba, ciki kuma bai shiga ba. Wata rana ina taya ta guga ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Ina jin mahaifata ta mutu ne." Washegari na nemi ta bar ni in raka ta babban asibiti.

Likitar mace ce, mai magana a hankali. Ta sa aka yi gwajin ciki, babu. Ta tambayi Yaya ko tana allurar tsarin iyali ko ƙwaya, ta ce a'a. Ko ta rame? Yaya ta nuna kumatunta, har likitar ta yi dariya.

"Tun yaushe ya ragu?"

"Kwanan nan ne," Yaya ta ce.

"An taɓa yi miki wani aiki a mahaifa?"

Yaya ta sunkuya tana murza bakin gyalenta. Na san ba ƙarya take son yi ba, bakinta ne ya kasa furta kalmar. Ni kuwa ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba. Na ciro littafin aljihuna.

"Likita, wankin ciki aka yi mata. Sau biyu, sati ɗaya tsakani. Daga nan ya fara."

Likitar ta karɓa, ta bi watannin da yatsa. Yaya ta laluba hannuna ta riƙe.

Gwajin jini ya nuna jininta a cike yake. Sai aka ɗauki hoton mahaifa bayan an zuba mata wani ruwa a ciki. Likitar ta zana mana a takarda: wankin ya kankare shimfiɗar mahaifar, tabo ya haɗe bangon gaba da na baya a wasu wurare. Shimfiɗar nan ce ke zuba duk wata, a kanta kuma ciki ke kamawa.

"Ba ta mutu ba," ta ce. "Mannewa ta yi. Za mu shiga da 'yar kyamara mu raba. Ban yi miki alkawarin haihuwa ba, amma akwai hanya."

Mijinta ya ɗauki hutu daga masana'anta ranar aikin. Aka sallame ta da ƙwayoyin da za su taimaka shimfiɗar ta sake tsirowa.

Bayan ta gama shan su, wata Asabar na same ta tsaye a ƙofar banɗaki tana share ido.

"Yaya, lafiya?"

"Yau kwana na uku," ta ce. "Bai tsaya ba."

Na rungume ta. Ta daɗe da kanta a kafaɗata, sannan ta ce in ɗan sassauta, marar na ciwo.