Zama na Sha Takwas

Ni nake saka tafsirin Baba kai tsaye a intanet daga masallacin layinmu a unguwar Briqueterie, saboda ɗalibansa na Garwa da Marwa. Tun kafin azumi na tsara zaman duka, kowanne da takensa da lokacinsa: "Tafsiri, zama na kaza, bayan la'asar."

Ya yi na sha takwas, washegari da hantsi Allah Ya karɓi abinsa. Da la'asar muna zaman makoki, na sha tara yana nan a shafin, mutane suna jiran a fara. Da hannuna na goge sauran ɗaya bayan ɗaya.

Bayan sadakar bakwai, yayana ya shiga shafin ya canza taken bidiyon da ya rage na ranar ƙarshe: "Tafsirin ƙarshe na marigayi." Na ce, "Yaya, wane marigayi? Mutum yana zaune yana cewa gobe za mu ci gaba!" Ya ce haka mutane za su nema. Ban mayar ba.

Amma saƙon gayyata da na tura wa dangi ranar zama na sha takwas bai canza ba, tsohon taken ne a jikinsa. Ta nan nake shiga, don a nan Baba bai rasu ba tukuna.