Fam Arba'in da Suka Ƙetare

Ranar Talata ce, farkon watan Fabrairu, da hantsi. Mu uku ne a wurin: ni, da shugaban masu haƙar rijiya, da mai garin, wani tsoho. Ƙauyen yana yamma da hanyar da ta tashi daga Bodinga zuwa Shagari, tafiyar rabin yini a kan doki.

A lokacin, zamanin Turawa, ni ne malamin da ke riƙe da takardar aikin rijiyoyi na wannan yanki. Aikin na shekara uku ne, rijiya goma sha takwas, a kan fam ɗari tara: fam ɗari uku kowace shekara, rijiya shida a kan fam hamsin hamsin. Kuɗin ofis na yau da kullum, in watan Maris ya ƙare ba a kashe su ba, sun mutu ke nan. Na wannan aiki kuwa ba sa mutuwa. Abin da ya rage sai in rubuta shi a ƙasan shekarar, a amince, ya ƙetare ya hau kan na shekara mai zuwa. Shekara ta uku ce kaɗai ba ta da gaba. Abin da ya rage a cikinta baitulmali zai koma.

A shekarar farko an gama rijiya biyar. Ta shida, ta wannan ƙauye, an haƙa gaba shida aka tarar da dutse, bayan ta ci fam goma. Fasa dutse sai masu nakiya, su kuwa ƙungiya ɗaya ce a duk lardin. Jimillar shekarar ta tsaya a fam ɗari biyu da sittin, arba'in suka ƙetare. Shekara ta biyu ta zama ɗari uku da arba'in, aka kashe ɗari uku a kan rijiyoyinta shida, masu nakiya ba su zo ba, arba'in ɗin suka sake ƙetarewa.

Duk ƙarshen Maris tsohon yakan zo ofishinmu a Bodinga a ƙafa. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofa, mu gaisa, sannan ya ce, "Malam, kuɗin rijiyarmu fa?"

In ce, "Suna nan, Baba. Sun ƙetare."

Ya ce madalla, ya tashi. Ko ruwa ba ya tsayawa sha. Sau biyu muka yi haka.

A shekara ta uku aka aiko cewa masu nakiya za su ba mu mako biyu. An zaɓi ƙauyukan ne bisa yawan masu biyan haraji, don haka kafin a saki kuɗin sai na je na tabbatar mutanen suna nan. Takardar haraji ta nuna magidanta goma sha tara, kamar yadda take tun farko, kowa ya biya. Na ɗauka aikin rabin sa'a ne.

Da muka isa ƙauyen a wannan Talatar, abin da na fara lura da shi shara ce. Kowace ƙofar gida an share ta tas, sawun tsintsiya yana kwance a kan rairayi, babu sawun mutum ko ɗaya a kansa. Danga a tsaye take, an ɗaure inda ta karye da sabuwar igiya. Turame suna kife a jere. Babu hayaƙi, babu kaza, babu kukan yaro. Dokina ya tsaya da kansa, sai da na zungure shi.

Shugaban masu haƙa ya ce a hankali, "Malam, ko kasuwa suka tafi?"

Na ce, "Har da awaki?"

Tsohon ya fito daga masallaci ya tarye mu da fara'a. Ya shimfiɗa mana tabarma a bakin ramin rijiyar, wanda ya rufe da itace da zana. Ya kawo ruwa a ƙwarya, ja, mai ɗanɗanon laka. Daga baya na ji cewa daga wani tafki yake ɗebo shi, tafiyar da ke cin safiya guda.

Na buɗe takardar na kira sunan farko.

Ya ce, "Yana nan."

Na ɗaga kai. Babu kowa a bayansa sai ƙofofi a buɗe. Na kira na biyu.

"Yana nan."

Haka muka yi har goma sha takwas, muryarsa ba ta canza ba. Na goma sha tara sunansa ne, ya ce, "Ga ni."

Na rufe takardar na ce, "Baba, ina suke?"

Ya lissafa mini ba tare da ya ɓoye komai ba. Wasu sun koma wajen Kajiji, wasu Sifawa, tun ranin farko, saboda ruwa. Uku sun rasu.

"To wa ke biyan harajinsu?"

"Ni. Awaki munka fara sayarwa, sannan jaki. Bana gero na kai."

"Har na mamatan?"

"Suna da 'ya'ya, Malam. In anka cire suna, gidan ya mutu."

Na ce masa abin da ya yi ba daidai ba ne, takarda ta ce mutane suna nan alhali ba sa nan. Ya dube ni kamar mai jin tausayina.

Ya ce, "Shekara biyu ina zuwa wurinka. Kullum ka ce kuɗi suna nan, sun ƙetare. Na taɓa cewa ka nuna mini su?"

Bai taɓa ba. Da ya ce haka, da ba ni da abin nunawa. Babu wani akwati da aka ware fam arba'in a ciki. Lamba ce da nake kwafowa daga ƙasan wani shafi zuwa saman wani, da alƙalamina.

Ya ce, "To, mutanena ma sun ƙetare. Ranar da ruwa ya fito za ka gan su."

Shugaban masu haƙa ya ɗage zanar ya leƙa ramin, ya jefa tsakuwa. Muka ji ta buga dutse. Ya ce, "Kwana goma ya ishe mu, in ka sa hannu. In ba ka sa ba, gara mu kama hanya, ni ban son yamma ta same ni a garin nan."

Na san lissafin. In na rubuta abin da na gani, masu nakiya za su wuce wani wuri, Maris ya ƙare, fam arba'in su koma baitulmali, babu shekara ta huɗu. Tambayar da ke kan takardar ita ce: masu biyan haraji nawa ne? Na rubuta goma sha tara, na sa hannu. Ina sane da cewa amsar tambayar na bayar, ba amsar abin da ake son sani ba.

Da muka hau dawakai na waiwaya. Tsohon ya ɗauki tsintsiya yana share sawunmu daga ƙofar gidan farko.

Masu nakiya sun zo. An sami ruwa a gaba goma sha ɗaya, aka ɗaure rijiyar da siminti, aka gama saura kwana tara Maris ya ƙare. Shekara ta uku ta ci fam ɗari uku da arba'in cif. Na haɗa shekarun uku suka ba da ɗari tara, a layin saura na ja sifiri.

Tsohon bai zo ofis a ƙarshen Maris ɗin nan ba. Ya rasu kafin damina ta faɗi, Fulanin da ke shayar da shanu a rijiyar ne suka yi masa sutura. A takardar harajin shekarar da ta biyo, magidanta biyu ne a ƙauyen, dukansu daga cikin sunayen da na kira.