Sunan da Lazarus Ya Buga a Bango

Lazarus ya zo Talata Mafara tare da masu aikin dam ɗin Bakolori, yana buga musu wasiƙu. Da aka rage ma'aikata sai ya kama shago kusa da nawa, ni ina ɗinki, shi yana ƙwanƙwasa tafireta. Mutum ne mai taurin kai, ko gaisuwarsa a ƙa'ide take.

Ɗaliban da ke rubuta kundin kammala karatu sun san shi da shafin farko. Yakan bar inci ɗaya da rabi a hagu saboda ɗauri, ya ƙirga haruffan take, ya ja baya sau ɗaya a kan kowane biyu don layin ya zauna tsakiya. Take a sama da manyan baƙaƙe, sunan ɗalibi da lambarsa a ƙasansa, sai bayanin cewa an miƙa wa sashe kaza don cika sharaɗin difloma, wata da shekara a can ƙarshe. Daga wannan shafi mai ɗaurin littattafai a Gusau yake kwafe abin da zai buga a bangon kundin da ruwan zinari.

A farkon 1980 Nasidi ya kawo nasa, a kan noman rani. A rajistar makaranta sunansa Nasidi Gajere Maradun, amma ya ce a buga masa Tungar Inno, ƙauyensu, a madadin Maradun. Lazarus ya ce ba ya yi, sunan bango dole ya zo daidai da na rajista.

Nasidi ya ce, "Malam, ruwan dam ya canye garinmu, har kushewar uwata. In ban aza shi nan ba, ina za a ishe shi?"

Ina ji ina gani Lazarus ya sa takarda ya buga. Ban taɓa ganin ya karya ƙa'ida ba sai ranar, kuma har ni na zuga shi.

Sashensu ya ƙi karɓar kwafi huɗun da aka ɗaure masa saboda sunan ya saɓa da na rajista, aka ba Nasidi mako guda ya gyara. Ya dawo Mafara, Lazarus ya sake shafin cikin minti goma. Amma makon ne rikicin manoma da hukumar dam ya ɓarke, aka harbi mutane. Nasidi ya tafi neman ubansa, ya same shi da rauni, ya zauna jinya. Wa'adi ya wuce, tsohon ya rasu, ƙanne suka dawo wuyansa. Bai koma makaranta ba. Ƙarshen ganina da shi yana yashe magudanar ruwa a Bakura.

Abin ya ci Lazarus, ni ma har yau yana cina. Bai sake sauraron roƙon kowa ba, sai ya ga katin makaranta kafin ya taɓa tafireta. Da zai koma garinsu ya bar mini kwafi ɗaya na kundin Nasidi, mai baƙin bango. Na tambayi yaran yanzu Tungar Inno, ba wanda ya san ta. Ni ma a bangon nan kaɗai na taɓa ganin ta a rubuce.