Dawar Bayan Danga

A shekarun da kwanon masara ya fi ƙarfin mai albashi, ni ce ma'aikaciyar jinya mai kula da masu damuwar ƙwaƙwalwa a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Ɗambatta. Ɗakina tsohon sito ne, taga ɗaya. Mutane sun ce ina da faɗa. Ban musa ba.

Farkon damina wata mata ta kawo mini mijinta, manomi, dogo, wanda ya ƙi zama sai da ya juya kujera ta fuskanci ƙofa. A kakar da ta wuce ya je taya wani ɗan'uwansa girbi can yamma, wajen iyakar Katsina. Suna cikin aiki mutane suka fito daga tsakanin karan dawa da bindigogi, suka tafi da su. Shi ya dawo bayan makonni. Ɗan'uwan bai dawo ba.

Na yi masa tambayoyin da muke yi. Mafarki kusan kullum, abin yana dawo masa da rana tsaka kamar yanzu ake yi, ƙarar babur na sa shi zabura, gona kuwa ko hanyarta ba ya bi. Na tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, ya ce a'uzubillahi. Da muka gama matar ta nemi ta gan ni ni kaɗai.

"Sista, wasa adda yake yi," in ji ta. "Ba don mutum ba. Ya ce in dawar bayan gida ta fi shi tsawo, sare ta zai yi, ba zai kwana abu na kewaye da shi ba."

A ƙauyukanmu shuka har jikin danga take zuwa. Matar da ƙaninsa suka shuka wannan gonar, kuma ita ce abincin gidan na shekara. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin dawa ba ta jiran kowa ya warke.

Mako na gaba muka zauna rubuta tsarin magani, ni da shi, matar na gefe da yardarsa. Na ce me yake so ya samu. Ya ce lafiya.

"Malam, lafiya ba ta aunuwa. In na rubuta lafiya, ranar da ka samu wa zai shaida? Faɗa mini abin da ido zai gani."

Sai ya ce yana so ya shiga dawarsa ya girbe ta da hannunsa. Madalla. Na rubuta shi a sama: kafin girbi, zai yi rabin awa a tsakiyar gonar bayan gida, shi kaɗai, ba adda, tsoronsa bai wuce uku ba. Na koya masa ma'aunin: sifili hankali kwance, goma kamar ranar da suka fito. Na biyu, mafarki ya sauko zuwa dare biyu a mako. Duk safiyar da ya tashi da shi, matar za ta jefa tsakuwa a gwangwani. Na uku, duk mako zai zo ya ba ni labarin ranar daga farko har ƙarshe, muna maimaitawa har ya iya faɗa bai tsaya a tsakiya ba. A ƙasa muka jera matakai, daga mai sauƙi: ƙofar gida, bakin danga, kunyar farko, tsakiyar gona, sannan gonar nesa da ke bayan rafi. Kowane mataki zai tsaya a wurin har tsoron ya ragu da rabi, ba gudu. Kafin in rubuta ko ɗaya sai da na tambayi ƙanin da matar ko an taɓa ganin wani abu a yankinsu. Ba a tura mutum ya saba da wurin da ke da haɗari na gaske. Suka ce lafiya lau.

Da farko abin ya tafi. Tsakuwoyi suka ragu, labarin da yake yankewa a daidai fitowar mutanen ya fara kaiwa ƙarshe, ko da gumi. Bakin danga ya sauko daga takwas zuwa huɗu. Sai kuma ya koma shida. Mako na gaba bakwai. Na tsare shi da ido, na ce ko dai da adda yake zuwa a ɓoye?

"Wallahi Sista tana ƙarƙashin gado. Wurin ne yake canzawa. Da na fara, dawar a gwiwa take. Yanzu ta kai mini ƙirji, ba na ganin bishiyar maƙwabcina."

Haka ne kuwa. Matakinmu yana nan a takarda, amma a ƙasa kullum ƙara tsawo yake. Muka sake tsarin a ranar. Muka daina aunawa da nisa kaɗai, muka sa har da inda ido ke kaiwa. Ya fara da gonar gyaɗar maƙwabci, fili fetal, sannan gefen da dawar ba ta yi ƙarfi ba, sannan kunya uku ciki tare da ƙaninsa, sannan ƙanin ya koma bakin gona. Na ce kullum, ba sau biyu a mako ba, don mu riga dawar. Addar kuma, da kansa ya yarda a kai ta gidan ƙanin.

Duk safiya a mota ina kallon dawar bakin titi ina jin haushinta. Ta shanye mutum, ta fid da kai. Ranar da iska ta kaɗa tasa dawar mutumin yana ciki, ya fito da gudu ya je ya buga wa ƙanin ƙofa a ba shi addarsa. Ƙanin ya hana. Na rubuta: tara, bai kammala ba, a koma mataki ɗaya baya. Ban yi masa faɗa ba, duk da bakina na ƙaiƙayi.

Ana cikin haka labari ya fara matsowa. An ga babura a wani ƙauye da ba mu taɓa jin an ambata ba. Sannan aka ɗauki mutum biyu a gona, tafiyar da ba ta kai ta yini ba daga garinsu. Na kira ƙanin na sake tambaya. Ya ce bayan gida dai da mutane ko'ina, amma bayan rafi kowa ya daina zuwa shi kaɗai. A gaban mutumin na ja layi a kan mataki na ƙarshe.

"Na faɗi ke nan?" ya ce.

"A'a. Wancan tsoron ba ciwo ba ne, kowa ma yana da shi. Ba zan yi maka maganinsa ba."

Ya daɗe yana kallon layin. Ni ma abin ya dame ni, domin wata da watanni ina koya masa cewa abin ya wuce.

Bayan girbi suka zo, matar ɗauke da dawa a ɗaure a gefen mayafi. Ba kara ɗaya da aka sare ɗanye. Ya yi rabin awarsa a tsakiya, shi kaɗai, kafin ranar da suka shiga da lauje. Gwangwani tsakuwa ɗaya. Na ɗauki biro na ce tsoro nawa.

"Wanne za ki rubuta, Sista? In na ranar da suka fito mana ne, ya koma biyu."

"Akwai wani?"

Ya dubi ƙofa. "Jiya mai unguwa ya tara mu. Ya ce baɗi kada wanda ya shuka dawa kusa da gida."