Ƙurajen Askin da Suka Raba Ni da Babbar Mota

Shekara bakwai na yi ina jan a-kori-kurar wani Alhaji a Jega, ina kwaso masa albasa daga Aliero da ƙauyukan Maiyama. Lokacin ba a daɗe da cire mu daga jihar Sakkwato ba, ko lambar motocinmu ba a sake ba. Alhaji yana da babbar mota guda ɗaya mai kai albasa Kurmi, ita ce kuwa abin da nake kwana nake tashi da shi a rai, har nakan roƙi direbanta ya bar ni in ja ta zuwa wurin lodi. Da idon direbanta ya fara ba shi wahala, sai aka shiga tunanin wanda za a ba. Mu biyu ne, ni da wani ɗan ƙanwar matarsa, wanda ko juya mota a lungu bai iya ba sai an yi masa ihu.

Wata ranar Laraba Alhaji ya kira ni gindin rumfarsa. "Lahadi ta sama in an gama lodi, kai za ka tai da ita," in ji shi. "Kak ka ba ni kunya."

Kwana goma sha ɗaya ke nan. Na kasa zama, na kasa tsayuwa. Ko tuwo aka ajiye mini, loma uku na miƙe.

Washegari Alhamis na tuna na kusa cika kwana arba'in ban yi askin mara ba, ga Juma'a gobe. Mu haka muka taso, ba a bari ya wuce arba'in. Na ce ba zan karɓi motar mutane da ƙazanta a jiki ba. Sai dai yadda na yi shi, ko a kan maƙiyina ba zan so ba. Akwai wata tsohuwar reza da nake ajiyewa a aljihun gaban mota, da ita nake yanke farce, da ita nake yanke igiyar buhu. Na ɗauke ta na shiga bayin tasha da rabin buta. Ba sabulu, ba jiƙawa, na bi gashin ta baibai don ya fi fita tas, ina yi ina sauri saboda ana ƙwala mini kira a waje.

Lokacin bazara ne, kujerar motar kuwa leda ce, ga wani ɗan kamfai na roba da na saya a kasuwar Jega mai matse mutum. Wuni nake ina zufa a kai. Ran Asabar wurin ya fara ƙaiƙayi. Da na duba sai ga ƙananan ƙuraje sun fito, kowanne a gindin gashi, wasu da ɗan farin kai. Na ce zafi ne. Ina tuƙi ina mutsu-mutsu, in na tsaya lodi a Aliero in zagaya bayan rumbun albasa in sosa son raina.

Ban gaya wa kowa ba, kuma ina da dalili. A tasha, direba ya kuskura ya ce wani abu ya fito masa a gaba, to kafin la'asar an gama yanke masa hukunci cewa a hanya ya kwaso. Ba mai tambayar reza. Alhaji kuma mutum ne da ba ya son jin irin wannan ko da wasa, ya taɓa sallamar direba a kan jita-jita kawai. Ko maiɗakina na ɓoye mata, na riƙa cewa gajiya ce.

Alhamis ta zagayo, gashin ya fara tsirowa yana sukata. Sai wayona ya ce mini ai gashin ne ciwon, in na sake kwashe shi zan huta. Na sake bin wurin da rezar nan, a kan ƙurajen, har jini. A matsematsin hagu akwai guda ɗaya da ya fi sauran girma, ina hango gashi a naɗe a cikinsa kamar zare. Na ɗauko basillar da muke ɗinke bakin buhu, na goge ta a riga, na tone. Gashin bai fito ba. Na matse da yatsu iya ƙarfina, ɗan ruwa ya fito, na ga kamar na yi nasara. Daga nan na yi abin da kowane direba a tashar nan yake yi in ya yanke: na tsiyaya man birki a tsumma na danna. Wallahi sai da na ga wuta. Amma mu a wurinmu zafin nan shi ne shaidar magani yana aiki.

Ran Juma'a na tashi da ƙullutu mai tauri, ya kai ƙwan zabo, yana zugi kamar ana buga masa ganga daga ciki. Kaluluwa ta fito kusa da shi. A masallaci na yi zaman tahiya a karkace, wani dattijo na gefena yana ta kallona. Na sayi ƙwayar ciwon jiki na haɗiya, na ce saura kwana biyu, ko da rarrafe sai na hau motar nan.

Asabar Alhaji ya aike ni Mungadi in kwaso cikon lodi, tare da dillalinsa, wani dattijo mai yawan shiru da muke kira Baba. Da muka juyo, rana tana tsaka, kowa yana neman inuwa, ni kuwa haƙorana suna haɗuwa don sanyi. Ƙafar hagu ita ce ta kuloci. Duk takawa sai in ji kamar an soka mini wuƙa a matsematsi. Muna shiga Maiyama na zo sauya giya, ƙafar ta ƙi, motar ta yi tsalle ta mutu a tsakiyar titi.

Baba ya taɓa wuyana. "Mi ka damunka?"

"Ba komi, Baba. Masassara ce."

"Masassara ba ta hana taka kuloci. Tun Jega nike kallon zamanka. Sauka."

Na yi gardama, har na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Ya zare makulli ya sa a aljihu, ya kira mutane suka tura motar gefe, ya riƙe hannuna har ƙaramin asibitin garin.

Malamin asibitin ya fitar da Baba, ya rufe ƙofa, ya ce in kwance wando. Na tsaya ina kallon bango. Ya ce, "Malam direba, yau kai ne na farko, amma a watan nan ba kai ne na farko ba." Ya yi mini tambayoyi ba kunya: ko fitsari yana mini zafi, ko wani ruwa yana fita, ko na kusanci wata a waje. Na ce a'a da fushi. Ya ce dole ya tambaya, don ba kowane ƙurji a wurin ba ne na aski. Sannan ya duba, ya ce da me na yi aski. Na faɗa. Da na zo kan basilla da man birki sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni.

Ya nuna mini ƙananan. Ya ce waɗannan bakin ramin gashi ne ya ƙwarzu, ƙwayar cuta ta shiga, wasu kuma gashin ne ya lanƙwashe ya koma cikin fata. Da na bar aski, ina wankewa da sabulu, ina gasawa da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi sau uku ko huɗu a wuni, na sa wando sakakke, da cikin mako guda ko kwana goma sun baje da kansu. "Wannan kuwa," ya taɓa gefen babban, na kusa tashi sama, "kai ka tura shi ciki da hannunka."

Ya sa na taɓa fatar da ke kewaye. Ta yi zafi, ta yi sheƙi, ta fi sauran duhu, faɗinta ya kai tafin hannu. Ya ce a jikinmu ba lallai a ga ja ba, zafin da kumburin ake bi. Ƙurji ya yi tauri yana girma, zafinsa yana yaɗuwa, ga kaluluwa, ga zazzaɓi, to ya wuce gashi a gida. Ya sa aka gwada fitsarina don ciwon suga, ya ce masu shi abin ya fi yi musu muni. Ba a samu ba.

Ya yi mini allurar kashe zafi a wurin, ya tsaga. Abin da ya fito ba zan bayyana ba, ni kaina na kau da kai. Ya wanke, ya cusa ƙyallen asibiti a ramin, ya rufe, ya ba ni maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya ce in shanye duka ko na ji sauƙi. Sai ya ɗauki biro ya zagaye iyakar kumburin a fatata. Ya ce in ya tsallake layin nan, ko 'ya'yan maraina suka kumbura, ko fatar ta fara baƙi tana wari, ko zazzaɓin ya ƙi sauka, kada in dawo wurinsa, in wuce babban asibiti a Birnin Kebbi a ranar. Kullum kuma sai an wanke an sake ƙyalle.

"Gobe ina da Kurmi," na ce.

"Kwana nawa a hanya?"

"Uku, in mota ba ta lalace ba."

"Wa zai wanke maka? In ya tsallake layin kana tsakiyar daji da buhu ɗari biyu a bayanka, wa za ka kira?"

Na roƙe shi ya ƙara mini allura mai ƙarfi. Ya ce ba shi da allurar da ke taka kuloci. Na ji haushinsa ƙwarai a lokacin, kamar shi ya riƙe rezar.

Wani direba ya ja motar ya kai mu Jega. A hanya ina ta lissafin yadda zan ɗaure wurin in tafi abina. Da safe na gwada taka bakin turmi da ƙafar hagu a tsakar gida, in ga ko za ta ɗauka. Sau biyu na taka, na uku na zauna a ƙasa. Maiɗakina tana tsaye da buta. A nan na gaya mata komai, ta ce, "Yanzu a kan wanga kaka ta ɓoyo?" Ta tafi ta ɗora ruwa.

Na isa rumfar Alhaji ina ɗingishi. An gama lodi, an ja tamfol, motar tana tsaye ta juya kai kudu. Baba bai faɗa masa ba, ya bar mini. Na durƙusa yadda na iya, na faɗa masa tun daga reza. Na zaci zai zarge ni da abin da nake tsoro. Ko kusa.

"Ƙurajen aski?" in ji shi. "Ni shekara ashirin almakashi nika sawa saboda su. Da ka hwaɗa min tun makon jiya, ai da ruwan ɗumi mun gama." Ya dubi motar. "Albasa ba ta jira, ka sani. Wanda kuma yak kai ta lahiya, ba ni amshe mai mota."

Na ce na sani.

Ya zaro makullin daga aljihu ya miƙo mini. Na karɓa da hannu biyu, na ɗauka ya sake shawara.

"Kai mai," ya ce, ya nuna ɗan ƙanwar matarsa da haɓa. "Ka hwaɗa mai inda giya ta ukku ka sarƙewa, kai ka san ta."

Tsakanin rumfar da motar bai fi taku talatin ba. Na yi su a hankali, ƙafa a buɗe, 'yan dako suna matsa mini hanya. Na ba shi, na gaya masa ya riƙa taka kuloci sau biyu kafin ya sa ta uku. Ya ce to, ya hau.