Jarrabawar Da Na Rubuta Tun Makon Farko

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata makarantar kuɗi a Sabon Gari, kuma duk shekarun nan aji huɗu ake ba ni, wato sababbin shiga babbar sakandare. Ni ce mai ɗora su a hanya, idan sun fara gane abu sai a karɓe su a miƙa wa babban malamin sashe, wani dattijo da ke riƙe da aji biyar da shida da makullin ɗakin gwaji. A shekarar da nake ba da labari dattijon zai yi ritaya a ƙarshen zangon farko. Ba zan yi ƙarya ba, ina son kujerar nan. Na gaji da shuka wani yana girbe.

Mu biyu ne a layi. Ɗayan wani matashi ne daga Jushi, shekararsa uku da zuwa, mai fara'a, mai saurin gaisuwa, Anti yake ce min. Aji huɗu kashi biyu ne, ina da ɗaya yana da ɗaya. Shugaban makaranta ya tara mu a ofishinsa ya ce shi ba ya son surutu, jarrabawa ɗaya yaran za su yi, wanda ajinsa ya fi ci shi ne magajin dattijo. Na ce to. Har dariya na yi a zuci, don na san aikina.

Lokacin ina wani kwas na ƙaro ilimi a Samaru, inda nake zaune, Asabar Asabar. A nan wata malama, tsohuwa mai kaifin harshe, ta koya mana tsara darasi daga ƙarshe zuwa farko. Ta ce yawancinmu muna buɗe manhaja mu ga kan darasi, mu yi ta zuba bayani har mako na goma, sannan mu zauna muna sosa kai muna neman abin da za mu tambaya. Ta ce a juya. Da farko ka karanta abin da manhaja ta ce yaro ya iya yi, ka lura da kalmar aikin, ya lissafo ne ko ya zaɓa ko ya bayyana dalili. Na biyu ka rubuta jarrabawar da za ta nuna ya iya ɗin, da ma'aunin da za ka ba da maki. Sai a ƙarshe ka tsara darussan, kuma duk abin da ba ya kai yaro ga waccan jarrabawar ka ajiye shi, ko da kana sonsa.

Abin ya shige ni. Ranar Lahadi bayan an taso daga coci na baje takardu a kan tabarma na ɗauki babin raba abubuwan da suka cakuɗe, mako huɗu. Manhaja ta ce ɗalibi ya san hanyoyin rabawa, ya zaɓi wadda ta dace da cakuɗen da ke gabansa, ya faɗi dalili. Da na duba tsofaffin tambayoyina kunya ta kama ni. Shekara da shekaru ina cewa su lissafo hanyoyi biyar su ba da ma'anar tacewa. Ko sau ɗaya ban taɓa sa yaro ya zaɓa ba.

Sai na rubuta babbar tambaya guda. An ba ka kwano, a ciki akwai yashi da gishiri da garin ƙarfe, duk sun gauraye. Bayyana yadda za ka fitar da kowanne daban, mataki bayan mataki, da dalilin kowane mataki. Na so a ce da hannu za su yi, amma kayan ɗakin gwajinmu ba za su ishi aji biyu ba, dole a takarda. Na raba makin gida huɗu: zaɓen hanya, jerin matakai, dalili, da abin da ya rage a hannunka bayan kowane mataki. Na kuma rubuta cikakkiyar amsa don mai dubawa. A fara da maganaɗisu ya janye ƙarfen, a zuba ruwa gishiri ya narke, a tace yashi ya tsaya, a dafa ruwan ya ƙone gishiri ya fito.

Daga nan na yi ta ja da baya. Kafin yaro ya amsa wannan sai ya san me ke narkewa me ba ya narkewa, me maganaɗisu ke ja, me ke wuce matata, wato abin tacewa. Kowane mako na sa masa ƙaramin gwaji na ranar Juma'a don in ga inda suka tsaya. Akwai wani wasa da nake yi wa sababbin yara duk shekara, in ɗiga ruwan kanwa a zoɓo ya canja launi su yi ta mamaki. Ina son wasan nan kamar me, amma ba ya kai kowa ga raba yashi da gishiri, na cire shi.

Tunda jarrabawa ɗaya za mu yi, sai na kai wa abokin aikina komai ranar Litinin ta makon farko. Tsarin, tambayar, ma'aunin, har da amsar. Ya juya takardun yana kaɗa kai.

“Anti, wannan ai aiki ne. Kin hutar da ni wallahi.”

Na ce masa yaran za su san irin aikin da za a nema da yadda za a ba da maki, amma cakuɗen kansa ba za su gan shi ba sai ranar. Ya ce ai wannan a bayyane yake. Shugaba ma ya sa hannu, ya ce babin nan shi zai ɗauki kaso mafi girma a jarrabawar zango. Malamarmu ta Samaru ta taɓa cewa a rubuta tambayar ƙarshe iri biyu ko uku, a ɓoye wadda za a yi amfani da ita. Na ji, na ma rubuta a littafina. Amma na ga kamar rashin yarda ne in ɓoye wa abokin aiki takarda, kuma gaskiya ina son ya ga iyawata. Wannan wautar tawa ce, ba ta kowa ba.

Mako huɗun nan na sha wahala, na kuma ji daɗinsu fiye da duk wani zango da na yi. Ina sauka daga motar Samaru da buhu a hannu kamar mai zuwa cin kasuwa. Gero da tsakuwa, man gyaɗa da ruwa, ruwan kwata a gora, ƙusoshi a cikin dussa. Na bi wani mai walda a unguwar PZ ya tara min garin ƙarfe a leda yana tambayata ko magani zan haɗa. Yarana suka yi ta gardama a kan me za a fara yi. Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta ce ai haka kakarta ke tace toka in za ta yi ruwan miya. A gwajin mako na biyu na ga rabinsu sun ɗauka matata za ta riƙe gishirin da ya narke, sai na rushe darasin Litinin muka tace ruwan gishiri kowa ya ɗanɗana. Ta bangon ajin abokin aikina kuwa ina jin yara suna maimaita wani abu da murya ɗaya, ban kawo komai a raina ba. A makarantarmu kullum ana maimaita wani abu.

Al'adarmu ce a yi musayar takardu wajen dubawa, don kada malami ya fifita nasa. Na ɗauki na ajinsa na zauna a ɗakin malamai. Takarda ta farko amsa ta fita tsaf, na ba da maki duka, har na ce a raina yaron nan ya yi ƙoƙari. Ta biyu haka. Ta biyar na ajiye biro. Amsata ce, wadda na rubuta a kan tabarma, kalma bayan kalma, ba ragi ba ƙari. Har yaron da na san ba ya iya haɗa jimla biyu da Turanci ya zubo ta sumul. Na duba ma'aunin da na tsara da hannuna, zaɓe daidai, jeri daidai, dalili daidai. Babu inda zan rage ko rabin maki. Haka na zauna ina ba su cikakken maki ɗaya bayan ɗaya.

Nawa yaran kuwa kowa da irin tasa. Wasu sun zuba ruwa kafin su tuna da maganaɗisu, wasu sun san dalilin Turancin ya gagare su. Sun ci, ba laifi, cin wanda ya yi tunani da kansa a kan abin da bai taɓa gani ba. Amma ina za a haɗa makinsu da na ajinsa.

Na sami abokin aikin nawa a bakin famfo yana alwala. Na jira ya gama, na ce, “Malam, amsar ka ba su suka haddace?”

Bai ko musa ba. “Anti, ba ke kika ce a fara daga jarrabawa ba? To daga nan na fara.”

Na wuce ofishin shugaba da takardun. Na jera masa guda goma a kan tebur na ce ya karanta. Na ce, “Yallaɓai, minti goma kawai nake roƙo. A tara aji biyun a ba su sukari da garin gawayi a ce su raba. In nasa sun fi nawa, na haƙura har abada.”

Ya cire tabarau ya ce maki ya riga ya shiga, iyaye za su zo karɓar sakamako ranar Juma'a, kuma shi bai ga sata a nan ba, tunda ba wanda ya shiga da takarda. Sannan ya faɗi maganar da har yau ban manta ba. Ya ce, “Malama, tsarin naki yana da kyau. Sai dai kamar shi ya fi ki gane yadda ake amfani da shi.”

A taron rufe zango aka miƙa wa matashin makullin ɗakin gwaji. Na tafa tare da kowa, don idanu suna kaina. A taron ne kuma shugaba ya sanar da sabuwar doka, ya ce an ga amfanin abin da sashen kimiyya ya gwada, daga yanzu kowane malami zai kawo tambayoyin ƙarshen zango da amsoshinsu tun makon farko, a buga a raba wa malaman aji. Ya ambace ni, ya ce a gode min ni na kawo.

Ina nan a aji huɗu. Makaranta ta yi suna, iyaye suna ta kawo yara. Zangon da ya biyo baya, yarana da suka saba gardama suka ga abokansu na ɗaya ajin suna da amsa a rubuce tun mako na biyu. Yarinyar nan mai kaka ta tsaya bayan an tashi, ta jira kowa ya fita, ta ce, “Malama, don Allah mu ma ki ba mu amsar kawai. A gida an ce ke ce kike ja mana baya.”